Rijiya bakwai da bashin kogi: yadda ake ɗaure asirin jarumar labari

"Malam, barka da aiki. Ni ɗaliba ce a Kuseri, a arewacin Kamaru. Ina rubuta labarin wata duniya da na ƙago, mai kama da bakin kogin nan namu, amma a zamanin dawaki da kibau. Jarumata 'yar Sarkin Ruwa ce, ta gaji asirin kakarta, ruwan kogi yana jin maganarta. Na kai babi na 14, kuma duk wanda ya tare mata hanya sai ta tura masa ruwa, magana ta ƙare. Ƙawayena da ke karantawa sun ce gabansu ya daina faɗuwa. Na sa tana gajiya bayan kowane aiki, amma ba ta canja zani ba. Yaya zan tsara dokokin asirin su taka mata birki ba tare da na raba ta da shi ba?"

Barka kadai, ƙanwata. Gajiyar nan zan fara taɓawa, domin kusan duk matashin da ya kawo mini labari irin wannan a nan Garwa da ita yake fara magani, kuma ban taɓa ganin ta warkar ba. Dalilin shi ne gajiya a hannun marubuci take. Ke ce kike cewa yarinya ta gaji, ke ce kuma kike kwantar da ita a ƙarshen babi, ki tashe ta garau a farkon na gaba. Mai karatu ba shi da mudun da zai auna gajiyar da shi, kuma ya riga ya sani cewa ranar da kika shiga tsaka mai wuya za ki rubuta cewa ta tattara ɗan ƙarfin da ya rage mata ta yi abin da ya fi na jiya. Bashin da mai binsa yake yafewa kullum ba ya hana kowa barci. Abin da ke kaɗa hanjin mai karatu shi ne asarar da ba ta dawowa, wadda shi da kansa zai iya ƙirgawa da yatsunsa, ko ke kin so ko ba ki so ba.

Ni a wurin mai shayi na koyi wannan. Shekarun baya na rubuta wasan kwaikwayo na rediyo, labarin wani maharbi mai layar zana, wanda azzalumin sarki ya tsare masa uwa a fada. Ana cikin mako na shida da fara sa shi, na zauna shan shayi da safe, sai mai shayin, yana juya madara a kofi bai ko ɗago kai ba, ya ce: "Malam, mutumin nan naka da yake ɓacewa, me ya hana shi shiga fada tun ranar farko ya ɗauko tsohuwarsa?" Ba ni da amsa, domin babu abin da ya hana shi sai ni. Da na koma gida na yanke cewa layar ba ta aiki sai yana riƙe da numfashi, da ya shaƙi iska sai a gan shi. Na fita tsakar gida na toshe hancina na yi tafiya irin ta mai sanɗa, ina ƙirgawa, na samu taku 40 kafin ƙirjina ya matse. Sai na sa tsakanin zauren farko da ɗakin da aka kulle tsohuwar taku 100 ne, da dogarai a kowane zaure. Ke nan dole ya nemi wuri biyu a hanya inda zai laɓe ya numfasa, kuma a dawowa yana goye da tsohuwa, takunsa ba zai kai 40 ba, ita kuma layar ba ta rufe ta. Daga wannan ƙa'ida guda na samu mako huɗu na labari, kuma masu sauraro suka fara yi mini lissafin takun da kansu.

Sharaɗi da makari

Ba sai kin je nesa neman wannan dabara ba, a gida take. A labaran da muka taso muna ji, ba a ba mutum asiri hannu sake. Wanda ya ba da laya sai ya biyo ta da sharaɗi, kada ka ci abu kaza, kada a tsallaka ta, kada ka shiga wuri kaza da ita. Ɗan tauri wuƙa ba ta cin sa, amma maganin ƙarfe sunansa maganin ƙarfe, bai ce komai a kan gora ko dutse ba. Kuma duk asirin da aka ƙulla, tsofaffi za su ce yana da makari. Wato masu ba da labarin nan namu sun daɗe da gane cewa abin da asiri ya kasa ya fi abin da ya iya daɗin ji. Saboda haka idan na zauna tsara asirin jarumi ba na fara tambayar me zai iya yi. Nakan tambayi me asirin yake ci kuma daga aljihun wa, a ina ya tsaya, kuma me ke karya shi. Bari mu ɗauki 'yar Sarkin Ruwanki mu bi da ita, ki ga yadda abin yake a aikace. Abin da zan kawo misali ne, kina iya canja kowane ɓangare, amma ki lura da yadda ɓangarorin suke riƙe juna.

Ke mutuniyar Kuseri ce, ba sai an gaya miki halin ruwa ba. Kin ga ambaliyar 2022 da idonki, kin ga cewa ruwan da aka tare da buhunan ƙasa a wata unguwa bai ɓace ba, wata unguwar ya nufa. Ki ɗora dokar farko a kan wannan: ruwan da yarinyar take ɗagawa ba nata ba ne, aro ne, kuma kogi yana karɓar abinsa. A cikin ganuwar garinsu akwai rijiya 7. Duk lokacin da ta ɗaga ruwa ya wuce tsayin kanta, rijiya ɗaya ta tafi, kuma ba ta dawowa. Ba ita ke zaɓar wadda za ta ƙafe ba, jeri ne da su. Ana farawa daga ta bayan gari, inda magina tukwane da baƙi suke zaune, ana matsowa ciki, ta bakwai ita ce ta gidan uwarta.

Ki duba abin da wannan ya ba ki wanda gajiya ba ta bayar ba. Akwai adadi, kuma mai karatu yana riƙe da shi a ka. Akwai layi mai kaifi, tsayin kanta, wanda ba ya karɓar gardama. Ko ruwa ya wuce ko bai wuce ba. Na zaɓi tsayin kai ne maimakon a ce "babban aiki" da "ƙaramin aiki" domin kalmomi irin waɗannan ƙofa ce da marubuci yake bar wa kansa, kuma ranar matsi ta nan zai sulale. Abin da ya fi duka nauyi kuwa shi ne ba ita ke biya ba. Jarumi da ke biya da jikinsa ƙara masa kwarjini ake yi, mai karatu ma so yake ya ga ya zubar da jini. Amma jarumar da idan ta ceci mutum ɗaya a bakin kogi sai wata tsohuwa a bayan gari ta jefa guga ta ji ya daki busasshiyar ƙasa, wannan dole ta tsaya ta yi tunani kafin ta buɗe baki. Tsayawar nan ita ce abin da ƙawayenki suka rasa.

To ruwan da bai kai tsayin kanta ba fa? Kada ki bar shi kyauta, amma ki sa kuɗinsa a jikinta ta hanyar da ake ƙirgawa. Duk ranar da ta yi ƙaramin kira, ruwa ba ya wuce maƙogwaronta sai rana ta sake fitowa. Kira ɗaya, yini da kwana babu sha. Idan ta sake washegari kafin ta sha, kwana biyu ke nan. Wanda ya san zafin watan Afrilu a Kuseri da Injamena, lokacin da ma'auni ke haura 40, ba sai kin gaya masa abin da kwana na uku yake nufi ba. Wannan ba gajiya ba ce, domin ba ki da ikon yafe mata. Rana ce ke riƙe da lissafin.

Doka ta biyu ta wuri ce. Sai ƙafarta tana cikin kogi, babu takalmi, sannan ruwa yake jin ta, kuma iyakar inda muryarta ta kai nan ikonta ya tsaya. A nan ki yi hattara, mai karatu mai wayo zai ce ai sai ta ɗebi ruwan a tulu ta tafi da shi duk inda za ta, ta zuba a ƙwarya ta tsoma ƙafa. Ki rufe wannan tun da wuri, a wani ɗan wuri mara hatsari: tana ƙarama ta gwada da randar gidansu, kakarta ta yi murmushi ta ce ruwan da aka raba da uwarsa kurma ne. Jimla ɗaya ta isa. Amfanin wannan doka shi ne ta haɗa asirin da shekara. Kogunan Logon da Shari da suka haɗu a Kuseri suna cika ne bayan damina, wajen Oktoba da Nuwamba, sannan su yi ta janyewa har bazara, a bar yashi shimfiɗe da kududdufai. Idan kogin labarinki haka yake, to a kaka ruwa yana lasar gindin ganuwa, yarinya ta fita ƙofa ta tsoma ƙafa. A bazara kuwa tsakanin ƙofar gari da ruwa taku 300 ne na farin yashi, babu itace babu inuwa, fili ne na masu baka. Kuma ki lura da yadda ta ɗaure da dokar farko: wadda ta kwana biyu ba ta sha ruwa ba muryarta ta dishe, ikon da jiya ya kai tsallaken kogi yau da ƙyar ya wuce jifan dutse. Dokoki masu kyau haka suke cizon juna, ba sai kin ƙaro sababbi ba.

Ta uku makari. Ni kanwa zan zaɓa, irin ungurnun nan da ake kawowa falle-falle daga wajen Tafkin Chadi, domin abu ne da ke kowace kasuwa, kowace mace tana da shi a madafa. Ruwan da kanwa ta narke a ciki ba ya jin kira har sai ɗanɗanonta ya gushe. A lokacin cika wannan ba komai ba ne, igiyar ruwa za ta wanke ta kafin a ƙifta ido. A bazara, da ruwa ya kwanta a kududdufai, 'yan fallaye kaɗan sun kurumtar da mashigi yini guda. Dalilin da ya sa nake son makari mai araha shi ne, idan kika ce sai ƙahon wata dabba da ke bayan duwatsu bakwai, to mutum ɗaya ne zai same shi, sau ɗaya, a babin ƙarshe, kuma kowa zai ga hannunki. Idan kanwa ce, sirrin ne kawai yake da tsada. Daga ranar da ya fita, ko yaron da aka aika kasuwa zai iya kwance mata ɗamara, sai ta zauna da tsoron wa ya sani, wa bai sani ba.

Babi 14 da suka riga suka fita

Na san abin da ke ranki: ai mutane sun riga sun karanta tana ɗaga ruwa yadda ta ga dama. Kada ki koma ki goge, kuma kada ki wayi gari a babi na 15 ki ce daga yau doka ta canja. Mai karatu yana yafe abubuwa da yawa, amma ba ya yafe a canja masa ƙa'ida ana tsakiyar dara. Hanyar da nake bi ita ce a mai da abin da ya wuce bashi. Ki ce duk abin da ya faru zuwa yanzu a damina da kaka ya faru, lokacin da kogi yake da wadata, yana ba da aro bai tambaya ba. Sai ya fara janyewa yake bin abinsa. A bazara kuwa ba shi da abin ba da aro, kuɗi hannu ne, ta kira yanzu rijiya ta ƙafe yanzu.

Ki ɗauki littafi ki bi babi-babi, ki rubuta duk inda ruwa ya wuce kanta. Mu ce kin samu sau 4. To babi na 15 ya buɗe da hunturu, matar wani magini ta jefa guga ta jawo shi da ƙura. Bayan kwana kaɗan ta biyu, sannan ta uku. Gari ya ruɗe, ana zargin maita, ana zargin baƙi, har a kori wani bawan Allah da bai ji ba bai gani ba. Yarinyar ita kaɗai take lissafi a zuci, ta tuna ranar da ta kifar da jiragen mahara, ta tuna ranar da ta ɗaga ruwa don kawai ta burge 'yan matan da suka yi mata dariya, ta san ta huɗu tana tafe, kuma ta san ta wace unguwa ce. Ki ga yadda nasarorin da suka gundiri ƙawayenki suka koma abin da zai sa su koma baya su sake karantawa suna ƙirgawa. Idan akwai wata magana da kakar ta taɓa yi a farkon labari wadda za ta iya ɗaukar wannan ma'ana, ko da "ruwa ba ya manta hanyarsa" ce, ki jawo ta nan. Idan babu, ki sa uwar yarinyar ta san dokar ta ɓoye, don tana tsoron 'yarta ta ƙi gadon. Wannan ma rigima ce da za ta ciyar da babi biyu.

Abokin gaba ya iya lissafi

Doka ba ta taka wa jarumi birki sosai sai abokin gabansa ya san ta. A nan yawancin masu fara rubutu suke sakaci, su tsara dokoki masu kyau, sannan su kawo mugu wawa wanda yake ta aiko da mayaƙa bakin ruwa a lokacin cika. Mu ce Galadiman da ya ci amanar ubanta ne abokin gabar. Mutum ne da ya zauna a fada, ya ga rijiyoyi 4 sun mutu, ya haɗa biyu da biyu. Ba zai zo a kaka ba. Zai jira bazara, ya kewaye gari, a rufe ƙofofi, jama'a su dogara da rijiya 3 da suka rage. Kuma ba kashe yarinyar ne burinsa na farko ba, so yake ta kashe rijiyoyin da bakinta.

Daren farko ya sako jirage daga sama, cike da mutum-mutumin kara sanye da riguna, da 'yan fitilu. Masu gadi suka yi kururuwa, yarinya ta keta yashin nan a guje, ta ɗaga ruwa ta murƙushe jiragen. Gari ya waye, kara yana yawo a kan ruwa, rijiya ta biyar ta ƙafe. Yanzu saura 2, kuma mutanen gari sun gane. Daga nan ba Galadima kaɗai take fuskanta ba, har da matan da ke tsaye a layin rijiya da tuluna, suna kallon ta ba sa magana. Sai ya kama ƙanenta, ya ɗaure shi a jikin turke a tsakiyar mashigi, inda kowa zai gani daga kan ganuwa, da maharba a kewaye. Idan ta ɗaga ruwa ta share maharban, ta shida ta tafi. Idan ba ta ɗaga ba, yaro ya mutu tana kallo. Babu wani sabon dodo da kika kawo, babu ƙarin iko, lissafin da mai karatu ya sani ne kawai ya matse ta.

Ni da labarin nawa ne, zan sa ta ceci yaron ta biya rijiyar, domin jarumar da kullum take samun hanyar da ba a asarar komai ta koma gidan jiya. Saura ɗaya ke nan, ta gidan uwarta. Galadima ya zuba kanwa a mashigi, ya tara dawakinsa a filin masakwa da ke gefen gari, zai afka da asuba. To ta ina mafita? Dole ta fito daga abin da mai karatu ya riga ya sani. Filin masakwa baƙar laka ce, a rani ta bushe ta tsattsage kamar dutse, amma duk wanda ya taɓa bin irin wannan ƙasa bayan ruwa ya san ko jaki ba ya fita da daɗi. Yarinyar ba ta bukatar ruwan da ya wuce kanta, na idon sawu ya isa. Sai ta fita cikin dare, ta yi gaba da inda aka zuba kanwar, zuwa inda ruwa bai gurɓata ba kuma muryarta za ta iya kaiwa filin, ta yi ta kiran ruwa a hankali yana malala cikin tsagogin ƙasa har asuba. Ƙaramin kira ne, rijiya ba za ta tafi ba, amma idan kin shirya cewa jiya ma ta yi wani ƙaramin kira, to wannan kwana na biyu ne babu sha, muryar tana dishewa, iyakar ruwan tana ja da baya, dole ta riƙa matsawa kusa da sansanin. Da asuba dawaki suka zabura suka nutse har gwiwa, masunta da manoma suka fito da sanduna.

Wannan mafita ba za ta yi daɗi ba sai kin shuka ta tun da nisa. A wani babi can baya, a nuna saniyar wani Bafulatani ta maƙale a wannan fili bayan ruwan farko, mutum shida suna ja da igiya. Kada ki yi sharhi, ki wuce. Ranar da dawaki suka nutse, mai karatu zai ce ashe, ai na ga wannan. Ma'aunin da nake amfani da shi ke nan: idan mai karatu mai lura zai iya hango mafitar shafi biyu kafin jaruma ta yi ta, an yi adalci. Idan ba yadda za a yi ya hango, domin kin fito da zoben kaka ko wata kalmar sirri da ba a taɓa ambata ba, to kin ci amanarsa, ko da ya tafa.

Yadda za ki gane doka ta fara yoyo

Alamar farko ita ce ki ji kanki kina rubuta "amma a wannan karon". Da zarar wannan ta fito daga alƙalaminki, ki tsaya, domin kina shirin yi wa jaruma alfarma ne. Ta biyu ita ce jaruma ta manta da ikonta a inda zai warware matsala cikin sauƙi, kamar maharbina da fada. Maganin duka biyun ɗaya ne: ki rubuta dokokin a shafi guda, ki ba ƙawar da ta fi kowa gardama a cikinku, ki ce ta zama Galadima na awa ɗaya, sannan ta zama yarinyar. Duk ƙofar da ta samo, ko ki toshe ta a fili cikin labari, ko ki ba wani daga cikin mutanen labarin ya bi ta nan. Dabarar filin masakwa ma irin wannan ƙofa ce, wadda ma'aunin tsayin kai ya bari a buɗe. Maimakon a toshe ta sai aka ajiye wa jaruma, aka sa mata kuɗi.

Kuma kada ki zuba dokokin a baki ɗaya, kaka ta zaunar da jika ta karanto mata su kamar darasin lekol. Kowace doka a gan ta tana cizo sau ɗaya a ƙaramin abu kafin ta ciji babba.

Akwai inda wannan hanya ta tsaya, kuma gara ki sani. Ɗaurin nan na jarumarki ne, ba na duniyar duka ba. Abin da ke ƙarƙashin kogi yana ba da aron nan, wane ne shi, me ya sa yake son rijiyoyi, wannan ki bar shi a duhu. Idan kika bayyana komai da lissafi, labari zai koma littafin mai kanti, abin al'ajabi ya gudu. A tatsuniya ba wanda ya tambayi dalilin da ya sa Dodo yake magana, kuma ba ta rage daɗi ba, domin ba ikon Dodo ne yake fitar da yarinya daga hatsari ba, wayonta ne. Ƙa'idata ita ce, ikon da ke jefa jaruma cikin wahala yana iya zama a lulluɓe, amma wanda zai fitar da ita dole a san iyakarsa. Haka kuma idan gajeren labari ne na shafi biyar, doka ɗaya ta wadatar. Guda uku sai dogon zango irin naki.

Wani abu kuma da nake kiyayewa, saboda masu karatunmu da kuma saboda kaina: ba na barin asirin labari ya taɓa abin da na Allah ne shi kaɗai. Jarumina ba ya ta da matacce, ba ya sanin ranar mutuwar kowa, kuma ba na mai da addu'a ko aya makamin da ake harbawa a ƙirga saura nawa. Asirin 'yar Sarkin Ruwa ƙagaggen abu ne na ƙagaggiyar duniya, a bar shi can. Wannan ya kuma yi wa labarin amfani, domin muddin mutuwa ba ta da makari, yaron nan da ke ɗaure a mashigi yana cikin hatsari na gaske.

Ban karanta babobinki ba, saboda haka ƙirgar tana hannunki. Idan kin bi su kin samu ta ɗaga ruwa sama da kai har sau 9, rijiya 7 ba za su ɗauka ba; ki mai da su 12, ko ki ce unguwanni ne kowace da rijiyarta. Abin da nake so shi ne a shiga bazara da saura 3, domin 2 sun yi kaɗan ga dabarun Galadima, 5 kuma mai karatu zai saki jiki. Ki tsai da adadin kafin ki rubuta layin farko na babi na 15, ki sa wata mata ta faɗe shi da bakinta a bakin rijiyar farko da ta ƙafe, tana lissafo sauran da sunayen unguwanninsu.